Shafin ajanda: minti ɗaya ya ishe shi

A taron ilimi, sau da yawa minti 15 ake ba mai gabatar da takarda. Sai ka ga ya ƙona uku daga ciki a shafin ajanda, yana karanta "Gabatarwa, Matsala, Hanyar Bincike, Sakamako, Kammalawa". Wannan jeri bai gaya wa kowa komai ba, domin kusan kowace takarda haka take tafiya.

A ce wata malama za ta yi bayani kan ajiye wake a buhun PICS. Abin da ya kamata ta sa a shafin shi ne tambayoyi uku: Me ya sa ƙwari ke cinye wake a rumbu? Yaya buhu mai ruɓi uku ke hana su iska? Nawa manomi zai kashe? Wanda ya karanta ya san inda aka dosa, kuma yana ɗokin jin amsa. Kowane layi kada ya wuce kalma goma, a rubuta shi da manyan baƙaƙe, kamar girma 28 a PowerPoint, don na kujerar baya su gani.

Ba sai ta karanta shafin ba, ido ya riga baki. Jimla ɗaya ta isa: "Zan fara da ɓarnar, in nuna maganin, mu ƙare da kuɗi." Daƙiƙa 30, ta wuce gaba. Idan ta ji kanta ta soma bayanin layin farko tun tana wannan shafi, to ta daɗe.

Jawabin minti biyar kuwa, a ganina, ba ya bukatar shafin ma. Baki ya wadatar.