Katin Gayyatar Aure Mai Harshe Biyu: Abin Da Baƙo Ke Buƙata

A garuruwa irin su Kaduna, Jos da Abuja, da wuya a yi biki ba tare da abokan aiki ko maƙwabta da ba sa jin Hausa ba. Shi ya sa ake buga kati da Hausa da Turanci. Sai dai yawancin masu bugawa fassara kawai suke yi layi bayan layi, alhali baƙon da ke karanta Turancin bai san abubuwan da Bahaushe ya sani tun yana yaro ba.

A ɗauki misalin ango a Kano da ya gayyaci abokan aikinsa daga Legas. Ɓangaren Hausa ya ce iyalan Alhaji wane da na marigayi Malam wane suna farin cikin gayyatarku ɗaurin auren 'ya'yansu, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Wannan ya wadatar da ɗan gari. Ya san lokacin, ya san taron maza ne, ya san amarya ba za ta zo ba, kuma ya san da zarar waliyyi da wakili sun yi siga, an ambaci sadaki, an shafa fatiha, to an gama. Abokin da ya taso daga Legas da matarsa kuwa yana zaton zama ne na sa'o'i da kujeru da abinci. Idan ya makara da rabin awa, sai ya tarar ana gaisawa ana watsewa.

Don haka ɓangaren Turanci ya fi na Hausa buƙatar bayani. A rubuta ƙarfe nawa, misali 2:30 na rana, da sunan masallaci da unguwa. A faɗa a jimla ɗaya cewa taron gajere ne kuma na maza, sannan a nuna inda ake son ganin kowa, wato walima ko liyafar dare. Kamu da sa lalle a bar sunayensu da Hausa, a ƙara cewa na mata ne. Idan akwai anko, a bayyana ko ya shafi baƙi, don kada mutum ya ji kunya.

Kwanan wata ma yana jawo ruɗani. Wanda ke zaune a Amurka zai karanta 3/4 a matsayin 4 ga Maris, na gida kuma 3 ga Afrilu, saboda haka a rubuta sunan watan cikakke. Idan an sa na Hijira, a haɗa da na Miladiyya.

Kafin a biya mai bugawa, a karɓi samfuri a duba ɗ da ƙ da ɓ, domin wasu salon rubutu na mayar da su akwati. Sannan a ba wanda ba Bahaushe ba ya karanta, a tambaye shi ina zai je da kuma yaushe. Idan ya yi inda-inda, a gyara kafin a tura ta WhatsApp.