Lambar Tana Mutuwa, Makullinta Ba Ya Mutuwa

Wata ɗabi'a ta fara zama ruwan dare tsakanin matasanmu masu koyon Python, daga ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara har masu shagunan kwamfuta a Bakura da Maradun. Yaro zai rubuta sikirif ɗin da zai riƙa shigar masa wani shafi kullum ya sauko da rahoto. Shafin ya nemi lambar mataki na biyu, sai ya kwafe kalmar sirri da makullin lambar ya liƙa su a tsakiyar sikirif, kuma ya tura wa abokai ta WhatsApp. Ka yi masa magana ya ce: "Ai lambar sakan 30 take yi ta mutu."

Wannan magana ce ta ishe ni. Lamba shidan nan da Google Authenticator ke nunawa ba turo ta ake yi daga ko'ina ba. Ranar da ka ɗauki hoton QR, shafin ya ba wayarka wani dogon jerin haruffa. Shi wayar ke haɗawa da lokacin da agogo ya nuna ta fitar da lamba, shafin ma ya yi lissafi iri ɗaya ya gwada. Tsarin sunansa TOTP, an fitar da ƙa'idarsa a 2011. To, abin da ka liƙa a sikirif wannan jerin ne, kuma ba ya lalacewa. Duk wanda ya same shi zai fitar da lambobinka na yau da na baɗi, ba tare da wayarka ta yi ko ƙara ba. Ka kulle shago ne ka rataye makulli a jikin ƙofa.

Gogewa ma ba ta wadatar. In ka taɓa ɗora fayil ɗin a GitHub, tsohon kwafin na nan cikin tarihin Git. Manya sun ƙone a nan: a Satumban 2022 wanda ya kutsa kamfanin Uber ya tarar da kalmar sirrin shugaban tsari a rubuce cikin wani sikirif na PowerShell, ita ta buɗe masa sauran ƙofofi.

Me ya kamata? Fara duba ko shafin na da API. In akwai, karɓi makullinsa mai iyakantaccen iko ka rabu da fom ɗin shiga.

In babu, shiga da hannunka sau ɗaya a burauzar da Playwright ya buɗe, ka buga lambar da kanka, sannan Playwright ya adana zaman:

```python
context.storage_state(path="zama.json")
# gobe
context = browser.new_context(storage_state="zama.json")
```

Sikirif zai yi ta aiki har shafin ya kashe zaman. Alamarsa ita ce ka ga an maido ka fom ɗin shiga, sai ka sake bugawa. Wannan hanya ce ta dace da lambar da ke zuwa ta tes. Amma `zama.json` shi ma sirri ne, don wanda ya ɗauke shi ya shiga ba tare da an tambaye shi komai ba. Sa sunansa a `.gitignore` tun kafin ka ƙirƙire shi.

In aikin dole ya gudana ba mutum a kusa, ajiye makullin a ma'ajiyar sirri ta kwamfutar. Buga `keyring set portal totp`, ka liƙa shi sau ɗaya. A Windows zai tafi Credential Manager. Sikirif sai ya roƙo shi lokacin aiki:

```python
import keyring, pyotp
sirri = keyring.get_password("portal", "totp")
page.fill("#otp", pyotp.TOTP(sirri).now())
```

In ka ajiye kalmar sirri ma haka, ko ka tura wa duniya sikirif ɗin, ba abin da ya fita. Kada dai ka sa `print(sirri)` don gwaji ka manta.

Idan shafin ya ƙi lambar, duba agogo tukuna. Tsohuwar kwamfutar da batirin agogonta ya mutu takan rikice duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma saɓanin minti biyu ya isa a ƙi kowace lamba. Gwada lambar da ta waya: in sun bambanta, daidaita lokaci ta intanet. Shafuka da yawa kuma ba sa karɓar lamba ɗaya sau biyu, don haka sikirif ya jira sabuwa kafin ya sake gwadawa, kada a toshe asusun.

Akwai iyaka. Muddin kalmar sirri da makulli na kwamfuta ɗaya, matakin biyu ya koma ɗaya ga ɓarawon da ya mallaki kwamfutar. Shi ya sa ake buɗe wa sikirif asusunsa daban, mai iya karatu kawai. Asusun banki kuwa, ko na wani da bai ba ka izini ba, babu ruwan sikirif da shi, amana ce.

Wanda ya riga ya liƙa ya tura, ya shiga asusun yau, ya kashe mataki na biyun ya sake kunna shi don a ba shi sabon makulli, ya canza kalmar sirri, sannan ya fitar da duk na'urorin da ke ciki.