Idan Damina Ta Jinkirta Rahoton Ɗalibi

Ɗalibin kimiyyar ƙasa da aka ba aikin auna yadda ƙasa ke shan ruwa ba shi da iko da sama. Sai ya kafa zoben ƙarfe a gona, ya zuba ruwa, ya riƙa duba agogo. Idan aka kwana ana ruwa a watan Agusta, ƙasa ta riga ta ƙoshi, alƙaluman da zai samu ba za su nuna gaskiyarta ba. Samfurin da ya ɗebo kuma sai ya yi awa 24 a tanda mai zafin digiri 105 kafin a auna nauyinsa, in an ɗauke wuta lissafi ya rushe.

A nan wasiƙa ke shigowa, kuma a ganina gara ta isa kafin ranar miƙa aiki. Bayan gaisuwa, suna da lambar kwas, sai ya tafi kai tsaye: “Malam, ruwan sama ya hana ni awo a filaye biyu cikin biyar. Na kammala gabatarwa da bayanin hanyar aiki, ga su haɗe da hoton littafin fili. Ina roƙon a ƙara mini zuwa ranar Alhamis.”

Ranar da ya ambata ita ce ƙashin bayan roƙon. Malami na da takardu jibge, “ɗan lokaci” ba ya shiga jadawalinsa. Abin da ya fi damuna shi ne ɗalibin da kunya ta hana shi rubutu, ya cike gurbi da alƙaluman ƙirƙira. Malamin da ya san filin yakan gane, domin awon gaske ba ya fitowa sumul haka.