Gyaran Hoto Mai Dishi-Dishi: Dalilin da Ya Sa Rabawa Kai-Tsaye Ke Ɓata Aiki

Kyamarar tsaro ta ɗauki mota da daddare tana wucewa da gudu. Lambar motar ta fito a jirkice, haruffan sun shiga juna, ga kuma wasu ɗige-ɗige kamar yashi sun cika hoton. Tambayar da kowa zai yi ita ce: tunda mun san gudun mota ne ya ɓata hoton, me zai hana kwamfuta ta warware ɓarnar? Ana iya warware wani abu daga ciki, amma hanyar da ta fara zuwa wa mutum a rai ita ce ke ƙara dagula lamarin.

Ɓarna biyu ce ta sami wannan hoto, kuma a jere suka zo. Ta farko dishi-dishi. A ce a ɗan lokacin da idon kyamara yake buɗe, motar ta matsa tsawon fiksel 10, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Hasken da ya kamata ya zauna a ɗigo ɗaya sai ya bazu a kan goma. Ta biyu ita ce abin da masana ke kira hayaniya: ɗige-ɗigen da na'urar kyamara ke ƙarawa da kanta, musamman in haske ya yi ƙaranci. Abin lura shi ne hayaniyar tana shiga ne bayan dishi-dishin ya gama aikinsa.

Domin a yi lissafin cikin sauƙi, ana amfani da dabarar da ta samo asali daga Joseph Fourier, Bafaranshen da ya wallafa littafinsa kan yaɗuwar zafi a 1822. Ana ɗaukar hoto a matsayin tarin zane-zanen ratsi da aka ɗora kan juna. Akwai ratsi masu faɗi, su ne ke ba da siffar mota da hasken titi. Akwai kuma sirara, su ne ke fitar da gefen harafi. A wannan kallon, dishi-dishi ba ya yin komai illa ya ninka ƙarfin kowane ratsi da wata lamba, `H`:

```
G = H × F + N
```

`F` shi ne hoton asali, `G` wanda muka samu, `N` kuma hayaniya. Ga ratsi masu faɗi `H` tana kusa da 1, don haka suna tsira. Ga sirara takan ragu sosai.

Hanya ta farko, wadda za mu kira tacewar komawa baya, hujjarta mai sauƙi ce: abin da aka ninka, sai a raba. Amma in aka raba `G` da `H`, ga abin da ke fitowa:

```
G / H = F + N / H
```

Hoton asali ya dawo, sai dai ya taho da hayaniyar da aka raba da `H`. Raba abu da ƙaramar lamba kuwa kumbura shi take yi.

Mu gwada da lambobi. Ɗauki ratsi mai faɗi da ƙarfinsa 100, `H` ɗinsa 0.9, hayaniya 1. Kyamara za ta ba mu 91. Muka raba da 0.9, muka sami kusan 101. Madalla, kuskuren bai taka kara ya karya ba. Yanzu ɗauki siririn ratsi mai ƙarfin 5, wanda `H` ɗinsa 0.01 ce. Abin da ya rage daga gare shi 0.05 ne kawai, hayaniya kuwa tana nan a 1, jimla 1.05. Muka raba da 0.01, sai ga 105. Amsar gaskiya 5 ce, ragowar 100 ɗin duk hayaniya ce. Tamkar mai ƙure muryar rediyo ne a tashar da ba ta kamawa: shuuu ɗin ne ke cika ɗaki, maganar tana nan a binne.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Ratsin da ke maimaita kansa duk bayan fiksel 10, in aka baza shi a kan fiksel 10, farinsa da baƙinsa suna cakuɗewa ya koma toka-toka sumul. A nan `H` sifili ce, bayanin ya tafi gaba ɗaya, kuma ba a raba lamba da sifili. Shi ya sa sakamakon wannan hanya yakan fito allo cike da yayyafin fari da baƙi, har motar ma a daina ganinta. Garin neman gira an rasa ido. Ko hoton da ido ke gani tas bai tsira ba, domin adana hasken kowane ɗigo a cikakkiyar lamba tsakanin 0 da 255 yana kawo ɗan kuskure, haka ma matse hoto zuwa `JPEG`, kuma wannan kaɗan ɗin ya isa.

Hanya ta biyu tana ɗauke da sunan Norbert Wiener, masanin lissafi na jami'ar MIT a Amurka. Ya yi aikin ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kan yadda za a saita bindigogin harbo jiragen sama, aka kuma wallafa shi ga jama'a a 1949. Wiener bai nemi a dawo da komai ba. Ya nemi amsar da, in aka auna gaba ɗaya, kuskurenta ya fi na kowace irinta ƙanƙanta. A sauƙaƙe, ana ninka `G` da wannan:

```
W = H* / (|H|² + K)
```

A misalinmu `H*` daidai take da `H`. Sabon abu shi ne `K`, ma'aunin ƙarfin hayaniya in aka gwada shi da na hoto. A ƙa'ida kowane ratsi yana da tasa, amma a aikace akan sa lamba ɗaya.

Mu sa `K` ta zama 0.01 mu koma kan lambobin ɗazu. Ga ratsi mai faɗi, `W` kusan 1.098 ce, sakamakon kuma 99.9, dab da gaskiya. Ga siririn, `W` ta zama 0.99 maimakon 100, sakamakon 1.04. Ba a dawo da 5 ba, amma kuskuren kusan 4 ne, ba 100 ba. Inda `H` take sifili, `W` ma sifili ce, lissafi bai fashe ba. Da wannan `K`, babu ratsin da za a ninka fiye da sau 5. Ke nan inda hoto ya fi hayaniya ƙarfi, tacewar Wiener tana yin aikin rabawa. Inda hayaniya ta rinjaya, sai ta janye hannu.

Zaɓen `K` shi ne gwanintar. Ta yi ƙanƙanta, yayyafi ya dawo. In aka sa ta sifili, an koma hanya ta farko ke nan, kamar yadda mai amfani da `deconvwnr` a MATLAB zai gani da idonsa. Ta yi girma, hoto ya fito da tsabta amma har yanzu da dishi-dishi. Akan ƙiyasta hayaniyar daga wani sashe na hoton da ba shi da zane, kamar bango, sannan a riƙa matsawa ana dubawa.

Dole kuma a san `H` daidai. A hoton dare, ɗigon haske da ke jikin motar yakan zama layi, tsawonsa da inda ya dosa su ne ke faɗin girman dishi-dishin. In aka yi kuskure, aka sa 14 a madadin 10, za a ga inuwoyi suna maimaita kansu a gefen haruffa. Tacewar da ta gyara mota za ta ɓata bangon da ke tsaye, domin shi bai motsa ba. Inda fitila ta ƙone hoto ya yi fari fat, can ma lissafin ba ya aiki.

Saboda haka duk wanda aka kawo wa hoton da aka gyara, musamman a matsayin shaida, ya kamata ya nemi na asali, ya tambayi wace `H` da wace `K` aka sa. Harafin da ya tsaya yadda yake ko da an ɗan sauya su, ana iya dogara da shi. Wanda ke rikiɗa daga 3 zuwa 8 da an taɓa `K`, ba kyamara ce ta gan shi ba.