Harajin ƙiyasi: wa yake sauƙaƙa wa, wa yake dannewa?

Dokar haraji a Najeriya ta ginu a kan riba. Ɗan kasuwa zai lissafa abin da ya sayar a shekara, ya cire kuɗin sari da hayar shago da albashin yara da kuɗin mota, abin da ya rage shi ne hukuma take yankar kasonta a ciki. Matsalar ita ce mai shayi da tela da mai facin taya da mai sayar da kayan koli ba su da irin wannan lissafi. Kuɗin ciniki da kuɗin cefane a aljihu ɗaya suke kwana. Idan ma akwai littafi a shagon, na masu cin bashi ne.

Saboda irin waɗannan mutane aka fito da harajin ƙiyasi. Maimakon ma'aikaci ya ce a kawo masa takardun da babu su, sai ya dubi abin da ido ke iya gani: wace sana'a ce, ina shagon yake, yaya girmansa, yara nawa ke aiki, kekunan ɗinki nawa ke ciki. Daga nan sai a sa mutum a rukunin da ya dace da shi, ya biya kuɗin da aka yanka wa wannan rukuni a shekara, shi ke nan. Ba a tambayar sa rasiɗin sari, ba ya bukatar akanta.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Jangali ma haka yake, domin shanu ake ƙirgawa, ba wanda yake tambayar Bafillace nonon da ya sayar. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa marina na biyan wuri 700 a kan kowace rijiyar rini. Rijiyar ce ma'auni, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Haraji da jangali sun daɗe suna ci wa talaka tuwo a ƙwarya har gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su a 1979. Wanda ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin yadda ɗan kasuwa ke ɗaure fuska in ya ji an ce an yanka masa kuɗi ba.

A dokar zamani, gyaran da aka yi wa Dokar Harajin Kuɗin Shiga na Mutane a 2011 ne ya buɗe ƙofar, inda ya ce duk wanda ba a iya tantance abin da yake samu ba, ko bai ajiye lissafin da za a dogara da shi ba, ana iya yi masa ƙiyasi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yuni 2025, ta fara aiki a Janairu 2026, ita ma ta riƙe wannan tsari. Mai karɓa kuwa ita ce hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, domin harajin ɗaiɗaikun mutane ne. Kamfanin da aka yi wa rajista a matsayin kamfani yana da nasa tsarin daban. Haka kuma tikitin kasuwa da kuɗin rumfa da ƙaramar hukuma ke karɓa ba su ne wannan haraji ba, biyansu ba ya sauke shi.

To, bari mu buga lissafi da adadin misali, don a ga inda gizo ke saƙa. Teloli biyu ne a layi ɗaya, kowa da keke uku da yara biyu, don haka an sa su rukuni guda, an ce kowa ya biya naira 15,000 a shekara. Na farko ɗinkin gyare-gyare yake yi da kayan 'yan makaranta, bayan ya cire haya da zare da man janareto ribarsa ta shekara naira 600,000 ce. Na biyu ɗinkin manya yake yi, manyan riguna da aikin surfani, ribarsa miliyan 2.

A sabuwar doka, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara ba a cire musu ko sisi, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kuma kashi 15 cikin ɗari ne. Ke nan da telan farko yana da littafin da zai nuna, harajinsa sifili ne. Rashin rubutu ne ya jawo masa asarar 15,000. Na biyu kuwa, da an bi lissafi, miliyan 1 da dubu 200 ne za a yanka a ciki, wato naira 180,000. Ƙiyasi ya rage masa 165,000. Kuɗi ɗaya suka biya, amma ɗaya an zalunce shi, ɗaya ya ci bulus. Wannan shi ne babban aibin tsarin, kuma yana ƙara tsanani a shekarar da kasuwa ta mutu, ko gobara ta ci shago, ko mai shi ya yi doguwar jinya, tunda kuɗin da aka yanka bai san an yi asara ba. Yana kuma koya wa babba ya ci gaba da ƙanƙantar da kansa, ya ɓoye keke biyu a gida ranar da masu haraji za su zagayo.

Akwai wani salon ƙiyasin da ake ɗaukar kaso daga jimlar ciniki, a ce kashi 1 cikin ɗari. Ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma yana da nasa rauni. Mai sayar da hatsi da ke cin ribar naira 5 a kowace 100, kashi 1 na cinikinsa ya cinye ɗaya bisa biyar na ribarsa. Tela da ke cin 40 a cikin 100 ko a jikinsa.

Duk da haka ba na ganin a jefar da tsarin. Ga mai shagon da bai iya rubutu ba, sanin adadin da zai biya tun farkon shekara ya fi masa a bar shi da ma'aikacin da zai faɗi abin da ya zo bakinsa, a yi ta ciniki a ƙofar shago. Wanda ya biya ta hanyar da ta dace kuma yana samun lambar mai biyan haraji da takardar shaidar biya, wadda ake nema wurin kwangila da wasu harkokin fili. Inda abin ke lalacewa shi ne wurin sanya mutum a rukuni da wurin karɓar kuɗin. A kasuwanni da dama ta hannun shugabannin ƙungiyar sana'a ake tarawa, a kai wa hukuma a dunƙule. Hakan na rage wahala, amma idan rasiɗin bai fito da sunanka ba, a idon hukuma ba ka biya komai ba.

Saboda haka idan an kawo maka takarda, nemi a nuna maka jadawalin da aka ɗauko adadin, ka ga sana'arka da rukuninka. Ka biya ta banki ko wata hanyar da hukuma ta ayyana, kada ka danƙa tsabar kuɗi a hannun kowa. Idan kana ganin an ɗora ka a rukunin da ya fi ƙarfinka, doka ta ba ka kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ka rubuta ƙorafi. Ƙorafin da babu hujja ba ya zuwa ko'ina, shi ya sa in ribarka ba ta kai 800,000 ba, ka sayi littafi ka fara rubuta sari da ciniki da kashe-kashen shago kullum, ko ka sa yaronka ɗan makaranta ya riƙa rubuta maka.