Yadda ake gane likita mai tunani da mai hadda a gefen gadon mara lafiya

A asibitocin koyarwa irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akan tsayar da ɗalibin likita a gefen gado ya gabatar da bayanin mara lafiya, sannan babban likita ya yi masa tambayoyi. Wasu tambayoyin hadda kawai suke nema, kamar a ce ya lissafo alamomin sanƙarau. Wasu kuwa suna tilasta masa ya auna hujjoji ya yanke hukunci, kuma su ne suke nuna abin da zai aikata ranar da aka tura shi Babban Asibitin Gaya, ya kwana a bakin aiki ba tare da na gaba da shi a kusa ba.

A ɗauki misali. A watan Maris an kawo jariri ɗan wata 10 mai nauyin kilo 8 daga wani ƙauye na Ƙaramar Hukumar Ajingi. Ya kwana biyu yana zazzaɓi, ya ƙi nono, ya yi jijjiga da asuba kuma bai farfaɗo sosai ba. Gwajin gaggawa ya nuna maleriya, wuyansa kuma bai sanƙare ba. Sai ɗalibi ya ce maleriya ce mai tsanani, za a yi masa allurar atesunet miligiram 24, wato 3 ga kowane kilo tunda bai kai kilo 20 ba. Lissafinsa daidai ne, amma hadda kaɗai ta isa ta kai shi nan.

Tambaya ta farko mai gwada tunani ita ce: “Me zai iya kashe yaron nan kafin awa ɗaya?” Yaron da ya ƙi nono yana zazzaɓi, sukarin jininsa kan faɗi, wanda shi kaɗai yana haddasa jijjiga da suma. Ana gane hakan da ɗigon jini, a gyara shi da ruwan sukari ta jijiya. Ɗalibin da ya fara da numfashi da sukari kafin ya raɗa wa cutar suna ya san abin da ke gaba da wani.

Ta biyu: “Gwajin nan me ya tabbatar, me kuma bai tabbatar ba?” Galibin gwajin gaggawa yana gano wani sinadari ne na ƙwayar maleriya, wanda kan yi makonni a jini bayan an warke. Idan uwar ta ce an yi wa yaron maganin maleriya mako uku da suka wuce, sakamakon na iya zama ragowar waccan cutar. Ko da ƙwayar tana nan da ranta, hakan bai hana wata cutar zama tare da ita ba.

Ta uku: “Wane abu ne a labarin nan bai dace da hukuncinka ba?” Amsar tana cikin kalanda. A ƙasar Kano maleriya ta fi ƙamari daga tsakiyar damina zuwa kaka, sanƙarau kuwa lokacinsa rani ne da bazara, kamar annobar 1996 da ta halaka sama da mutum 11,000 a Najeriya. Idan ɗalibin ya kafa hujja da cewa wuya bai sanƙare ba, sai a tambaye shi ko wannan alamar abin dogaro ce ga ɗan wata 10. Ba abin dogaro ba ce, domin jarirai kan kamu da sanƙarau wuyansu na lanƙwasuwa. Abin dubawa shi ne maɗiga, ko ta kumbura yayin da yaron ke zaune ba ya kuka.

Daga nan sai malami ya sauya abu guda a labarin: “Idan ba za a iya ɗibar ruwan ƙashin baya a daren nan ba, ko kuma ƙwayar idonsa ɗaya ta fi ɗayar buɗewa, me za ka yi?” Alamar idon tana nuna matsi a cikin ƙoƙon kai, wanda ke sa ɗibar ruwan ta zama haɗari. Amsar da ake nema ita ce a ɗage gwajin amma kada a ɗage magani: a ba da atesunet tare da seftiriyazon nan take, domin illar jinkirta maganin sanƙarau, wato kurumta ko taɓuwar ƙwaƙwalwa ko mutuwa, ta fi illar ba da shi ga wanda ba shi da cutar.

Irin waɗannan tambayoyi suna da iyaka. Ba sa maye gurbin hadda, domin wanda bai san adadin magani ba tunaninsa ba zai ceci kowa ba. Haka kuma idan malami ya mai da su hanyar kunyata ɗalibi a gaban majinyata, ɗalibin zai koma cankar abin da malamin ke son ji. Saboda haka ya kamata malami ya nemi dalili ko da amsar ta yi daidai, ya kuma rufe da tambayar da ta fi amfani a Gaya: “Me za ka gani gobe da safe da zai sa ka tura yaron nan Kano?”