Idan Mai Saye Ya Yaba, Me Za A Ce Masa?

A ce wata tela ce a Kano ta ɗinka wa wata Hajiya leshi na ƙaramar Sallah. Washegarin idi sai ga saƙo: "Gaskiya ɗinki ya yi. Wuyan rigar ya zauna yadda nake so, kuma kin ba ni tun saura kwana uku. A gidan surukaina kowa sai tambaya yake wa ya ɗinka."

Amsar da aka fi turawa ita ce "Mun gode, Allah ya bar zumunci." Addu'a ce mai kyau, sai dai ita aka tura wa wanda ya tambayi farashi jiya bai saya ba. Manhajar WhatsApp Business ma ta sauƙaƙa hakan, domin kana iya ajiye amsa, ka danna alamar / ta fito. Wannan ya dace da lambar asusu ko kwatancen shago, amma Hajiya da ta zauna ta lissafo abubuwa uku za ta gane ba a karanta ko ɗaya ba.

Sai telar ta sake karanta saƙon, ta ɗauki abu guda daga ciki, wanda ya fi cin mata wahala. A nan wuyan rigar ne. Ta haɗa shi da wani abin da ita kaɗai ta sani game da aikin, domin shi ne ba ya kwafuwa:

"Hajiya, barka da Sallah. Wallahi na ji daɗi da wuyan ya zauna, don sai da na warware shi na sake, leshin yana da santsi. Yarinyar da ta yi miki aikin duwatsun ma na karanta mata saƙonki, tana ta murna. A gaida mutanen gida."

Jimla huɗu ne, kuma babu wata mai saye da za a iya tura wa su. Haka ake gwadawa: idan amsar za ta shiga wayar wani ba tare da an canza komai ba, da sauran aiki. Ambaton yarinyar ya fi burge ni, domin yabon ya isa hannun da ya yi aikin.

Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne talla. Da an liƙa "akwai sababbin kaya, ragi na nan" a ƙarshe, godiyar ta koma ciniki. A bar tallar zuwa wata rana. Haka kuma kada a ƙirƙiro wahalar da ba a sha ba, mai saye yakan gane.

Idan kuwa a bainar jama'a aka yi yabon, a kiyaye sirri: ba a ambaton kuɗin da ta biya, ko awonta, ko ragin da aka yi mata. Kafin a ɗauki hoton saƙonta a nuna wa duniya, a nemi izininta, a kuma rufe lambarta.